Yadda zaka bambance kasuwar yayi da mai ɗorewa

Tambaya: Ina da dubu 300 a Gusau, abokai na cewa in shiga saida wani turare da ake yayi a TikTok, ya zan gane ko abin zai ɗore?

Ɗan uwa abu ɗaya zaka duba kafin komai, shin wanda ya saya yana dawowa ya ƙara saye da kansa ba tare da an tallata masa ba? Kayan yayi mutum sau ɗaya yake saye don kar ace an barshi a baya, amma dubi garin masara ko cajin waya, wanda ya zo yau jibi ma zai dawo don buƙatar bata ƙarewa.

Kar ka zuba dubu 300 ɗin gaba ɗaya wallahi. Ware dubu 40 ka saro kaɗan, ka samu littafi kana rubuta duk wanda ya saya har wata 2, in mutum 20 suka saya ka ga 7 ko 8 sun dawo bayan kwalbarsu ta ƙare to akwai kasuwa, in kuma kullum sabbin fuska ne kuma suna raguwa to yayi ne. Sai dai kada kayi gwajin nan gab da sallah, lokacin kowa na sayen turare, lissafin zai ruɗe ka.

Sannan ka leƙa kasuwar Tudun Wada ka tambayi farashi a shago 4 ko 5, in masu saidawa na ƙaruwa farashi kuma na faɗuwa duk mako, waɗanda suka riga ka shiga ne ke neman rabuwa da kayansu.