Karo, leda ko daɓen siminti: me ya dace da wannan ɗaki?

"Salamu alaikum ƴan'uwa. Ga hoton ɗakin da na gama a Zariya, mita 4 da 4 ne, rufin kwano, ba a sa komai a ƙasa ba tukuna. Ina son abin da zai yi sanyi lokacin bazara, ga shi kuɗin hannuna ba su da yawa, uwargida kuma ta ce fari mai ƙyalli take so. Karo, wato tayil, zan sa, ko leda, ko in bar shi haka?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya sa albarka, Ya sa a shiga a sa'a. Wallahi ina ganin hoton nan na gane halin da kake ciki, gini ya cinye kuɗi, ga gaggawar tarewa. Amma don Allah kar ka je kasuwa tukuna. Dubi hotonka da kyau: akwai tsaga da ta taso daga bakin ƙofa ta nufi tsakiya, sannan gindin bangon hagu ya yi fari-fari. Wannan farin gishiri ne da danshi yake turowa daga ƙasa. Ka samu leda mai kauri kamar rabin mita, ka shimfiɗa a kusurwar, ka liƙe gefenta huɗu ruf, ka bar ta kwana ɗaya. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a cikinta ko simintin ya yi duhu, to ledar ɗaki ta fita daga lissafi. Danshin zai taru a ƙarƙashinta, da damina ta kama ɗakin ya dinga wari, gara ta samu wurin zama. Ko ba danshi ma, leda a zafin Afrilu da Mayu laushi take, ƙafar gado ta huda ta, rairayin da ya shige ƙasanta ya cinye ta.

Maganar sanyi kuma, gaskiya karo ba ya sanyaya ɗaki. Tafin ƙafa ne ke jin sanyinsa saboda yana saurin janye zafin jiki, shi ya sa kwanciya a kansa da rana take da daɗi. Zafin ɗakinka daga kwano yake saukowa, kuma a hoton ban ga silin ba. In kuɗi ba za su kai duka biyu ba, silin ya fi karo mai tsada amfani nesa ba kusa ba. Daɓen siminti da aka goge da kyau ma kusan sanyinsu ɗaya da karo a ƙafa.

Ka ba uwargida haƙuri a kan fari mai ƙyalli. A garin nan da ƙura ba ta hutawa tun daga hunturu har iskar farkon damina, fari sai ta share sau uku a yini, baƙi kuma ya fi shi tona ƙura. Mai ƙyallin nan rairayin takalmi yana kankare shi, shekara ɗaya za a ga hanya ta fito daga ƙofa zuwa gado, in ruwan alwala ya zuba kuwa santsi ne, tsoho ko yaro ya faɗi. Ku ɗauki ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka, marar ƙyalli, mai ɗan zane. Abin cike tsakanin ma kar a sa fari, baƙi yake komawa. A shago ka juya karo ɗaya ka ɗiga ruwa a bayansa: wanda ya tsotse nan take mai laushi ne, irin na bango, wanda ruwan ya tsaya a kansa shi ne mai ƙarfi.

Ga lissafinka. 4 sau 4 murabba'in mita 16 ke nan. Ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanka da fashewa, ya zama 17.6. Zagayen gindin bango kusan mita 15 ne in an cire ƙofa, a tsayin santimita 10 zai ci wajen mita ɗaya da rabi, jimla ta ɗan haura 19. Karo 60 da 60 yawanci guda 4 ne a kwali, wato mita 1.44, don haka kwali 14. Ka karanta jikin kwalin dai, don kamfani kamfani ne. Kuma ka tambayi farashi a kan mita, kar a ruɗe ka da na kwali, sannan duk kwalayen su zama lamba ɗaya, in ba haka ba launi ko girma zai ɗan saɓa, sai an shimfiɗa za ka gani. Abin da ya rage ka ɓoye shi, bayan shekara biyu ba lallai ka samu irinsa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne aikin wasu masu sa karo. Don su yi sauri su kuma rage kaya, sai su ɗora siminti dunƙule biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, su danna karo, su manne shi da ɗan'uwansa ba tazara, su kai shi har jikin bango. Ranar da aka gama gwanin kyau, ka biya, ka yi godiya. Sai zafi ya zo, karo ya buɗe, babu inda zai motsa, wata rana da tsakar dare a ji ƙara kamar an fasa tulu, a tashi a tarar layi guda ya yi tozo a tsakiyar ɗaki. Yara su yanke ƙafa, kaya a fitar waje, kuɗin da aka tara da ƙyar sun tafi, shi kuwa mai aikin ka kira shi ya ce maka karon ne ba shi da kyau. Talaka ya ci bashi ya yi ɗaki a yi masa haka, ina tsoron Allah a nan? Ka tsaya a kansu da kanka. Manne ya cika bayan karo gaba ɗaya, a ja shi da cokali mai haƙora, 60 da 60 kuma a shafa wa ƙasa a shafa wa bayansa. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 da ƴan robobin nan masu kamar giciye, a bar kusan rabin santimita a jikin bango, na gindin bango zai rufe ta. Simintin manne buhu mai kilo 25 yana kai mita 5 ko ƙasa da haka, ka tanadi buhu 4 zuwa 5. Kafin ka cika kuɗin aiki, bi karo ɗaya-ɗaya kana ƙwanƙwasawa da maƙulli. Wanda ya yi amon rami a cire shi a sake.

Amma duk wannan sai ƙasa ta gyaru. A ɗora dogon katako miƙaƙƙe, in rami ya wuce rabin santimita, babban karo zai karye a wurin, 40 da 40 ya fi haƙuri da irin wannan ƙasa, ya kuma fi araha. Tsagar can a fasa ta a ga ko cikon ƙasa ne ya zauna, in shi ne sai an sake daddaɓe shi, a shimfiɗa leda mai kauri saboda danshin, a zuba sabon daɓe. Siminti ɗaya, yashin gulbi huɗu, wanda ba laka, kaurin santimita 4, zai ci buhu 4 zuwa 5 masu kilo 50. A yi ta ba shi ruwa safe da yamma mako guda, sannan a bar shi ya bushe kamar mako uku. Ka auna ƙasan ƙofar ƙarfenka tun yanzu, don daɓe da karo za su ɗaga ƙasa fiye da santimita 5.

In da ni ne da kuɗin da ka ce, bana daɓen nan zan yi, a goge shi sumul, a sa silin, a shimfiɗa tabarma a tare. Karo ya jira bayan kaka, lokacin an ga yadda kusurwar hagun ta yi da damina.