Jinsin suna a Faransanci: yadda ake karanta alamarsa a ƙamus

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗaliba ce ni, shekarata ta farko a darasin Faransanci. Na rubuta "la problème", malaminmu ya zagaye shi da jan biro, ya ce "le" ne. An gaya mana kalmar da ta ƙare da "e" tamace ce, to me ya faru? Kuma in na buɗe ƙamus sai in ga n.m. da n.f. da wani lokaci n. kaɗai, ban san abin da suke nufi ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin mu je Faransanci, mu fara daga gida. A Hausa ma ana cewa sunan da ya ƙare da "a" tamace ne: mota, riga, fitila. Amma fa ba ki taɓa cewa "gidar Audu" ba, gidan Audu kike cewa, haka nan ruwan rijiya da sunan yaro, alhali duk da "a" suka ƙare. Kunnenki ne ya riƙe su tun kina ƙarama, ba ƙa'ida ba. To wannan "e" ta Faransanci ta fi "a" ɗinmu rashin amana nesa ba kusa ba. Problème, système, livre, arbre, musée, lycée duk jinsin namiji ne. Wanda ya ba ku waccan ƙa'ida rabin magana ya faɗa.

Kuma kada ki ɗauki jinsin Hausa ki kai can. A wurinmu rana ta fito, wata ya tsaya. A Faransanci abin ya juye: le soleil namiji, la lune tamace. Tebur namiji ne a bakinmu, su kuma la table. Gida namiji, su la maison. Wani lokaci a dace, kamar mota da la voiture, amma sa'a ce kawai.

Yanzu ga ƙamus. Idan kika buɗe Larousse ko Le Petit Robert, bayan kalmar da aka rubuta da baƙi mai kauri, wani lokaci bayan an nuna yadda ake furta ta, za ki ga gajerun haruffa. n.m. na nufin nom masculin, wato suna jinsin namiji, wanda ke ɗaukar le da un. n.f. kuwa nom féminin ne, mai ɗaukar la da une. In kin ci karo da tsohon ƙamus irin na Littré, s.m. da s.f. za ki gani, ma'anar ɗaya ce. Idan aka ƙara pl., kamar a vacances, n.f. pl., ana gaya miki cewa da jam'i ake amfani da kalmar, amma jinsinta na nan, shi ya sa ake cewa bonnes vacances ba bons ba.

Shi kuwa n. da ke tsaye shi kaɗai, galibi sunan mutum ne da ke yi wa namiji da mace aiki. Élève misali ne: un élève in yaro ne, une élève in yarinya ce, kalmar ba ta sauya. Wani lokacin kuma za ki ga an rubuta étudiant, e sannan n. Wannan waƙafi da "e" ba kuskuren ɗab'i ba ne. Ana nufin namiji étudiant ne, ke kuma sai ki ƙara "e" ki zama étudiante.

Inda na fi son ki tsaya ki nutsu shi ne wurin kalmomin da ke da shiga biyu a ƙamus, domin nan ne ɗalibai ke faɗawa rami ko da sun duba. Ɗauki mémoire, tunda za ki haɗu da ita kafin ki gama karatu. Shiga ta farko n.f. ce, ma'anarta ƙarfin tuna abu, abin da muke yabon mahaddaci da shi. In kika gangara ƙasa kaɗan za ki ga an sake rubuta kalmar, harafi da harafi, sau da yawa da lamba 2 a gefenta, amma wannan karon n.m. ce, kuma ma'anarta kundin binciken da ɗalibi ke rubutawa don kammala digiri. Na taɓa samun saƙo daga wani ɗalibina, hankalinsa a tashe, yana cewa j'ai perdu ma mémoire. Kundinsa ne ya ɓace daga na'ura, amma abin da ya rubuta shi ne ya daina tuna komai. Abin da ya kamata ya ce shi ne mon mémoire. Ya duba ƙamus kuwa, sai dai da ya ga n.f. a shiga ta farko sai ya rufe littafin. Don haka in kin ga alamar jinsi, karanta ma'anar da ke biye da ita, ki tabbata ita kike nema. In ba ita ba ce, duba ƙasa. Haka le livre littafi ne, la livre kuwa ma'aunin nauyi ko fam na Ingila. Le tour zagaye, la tour hasumiya.

Idan ƙamus ɗinki mai harshe biyu ne, na Ingilishi da Faransanci, akwai wani ɗan tarko. A ɓangaren da ake farawa da Ingilishi, n ɗin da ke manne da kalmar farko yana cewa ne kawai suna ce. Jinsin yana can bayan fassarar, ɗan ƙaramin m ko f a karkace, wanda ido ke tsallakewa cikin sauƙi.

Da kin samo jinsin, yadda za ki ajiye shi a ka shi ne sauran aiki. Shawarata ki riƙa rubuta kowace sabuwar kalma da un ko une, ba da le ko la ba. Dalili shi ne in suna ya fara da wasali, le da la duk suna komawa l', jinsin ya ɓuya. L'arbre da l'école kamarsu ɗaya a ido, amma un arbre da une école sun tona asiri. 'Yan uwanmu na Nijar ma da suka ari l'école sai suka haɗiye ta gaba ɗaya, har da l' ɗin, ta zama lakwal. Kada kuma mon école ta ruɗe ki. Tamace ce, an sa mon a maimakon ma ne kawai don kada wasula biyu su yi karo, kamar dai mon amie. Sifa ce za ta nuna miki gaskiya: mon école est grande.

Ƙarshen kalma yana taimakawa, amma ba harafin ƙarshe kaɗai ba, gaɓar duka. Masu ƙarewa da -tion da -sion kusan duk tamace ne, kamar nation da télévision. Masu -ment da -isme na namiji ne, ban da jument, wato goɗiya. Masu -age ma na namiji ne, village, voyage, fromage, sai 'yan tsiraru da gara ki haddace su yau: page, image, plage, cage, rage, nage. Masu -eau na namiji ne, bureau, tableau, amma eau da peau tamace ne. Ita kuwa kalmar da ta jawo miki jan biro tana cikin dangin -ème da suka fito daga Girkanci, problème, système, thème, poème, kuma na namiji ne. Crème ce ba 'yar gidansu ba, ita la take ɗauka.