Me ake sawa a ƙasan imel na kasuwanci, me ake bari?

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun buɗe wa kamfaninmu imel, ina so in shirya bayanin nan da ke fitowa a ƙasan kowace wasiƙa. Me zan sa, me zan bari? Wani ya ce in haɗa da lambar asusun banki da hoton sa hannuna, don masu biya su huta da tambaya."

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wanda ya ba ka wannan shawara da kyakkyawar niyya ya yi, amma kada ka ɗauka. Bari in fara da abin da za ka sa, don shi ba ya da wahala, sannan mu zo kan asusun, inda maganar take.

Layi huɗu zuwa biyar sun ishe ka: cikakken sunanka, matsayinka da sunan kamfani, lambar wayar aiki, adireshin shafin kamfani, sai adireshin ofis idan mutane na zuwa wurinku. Kamar haka:

```
-- 
Suna Cikakke
Manajan Saye da Sayarwa, Sunan Kamfani
Wayar ofis: (lambar aiki)
www.example.com
```

Waɗancan ƙananan alamu biyu na sama, wato `--`, da fili ɗaya a bayansu, tsohuwar ƙa'ida ce da wasu manhajojin imel ke gane inda wasiƙa ta ƙare da ita. A Gmail za ka shiga `Settings`, sai `See all settings`, ka gangara ƙarƙashin `General` har ka ga `Signature`. A nan akwai zaɓin wanda zai fito a sabuwar wasiƙa da wanda zai fito idan kana mayar da amsa. Ni nakan yi guda biyu: cikakke na sabuwar wasiƙa, da gajere mai suna da waya kawai na amsa. Ka kuma duba dokar ƙasar da aka yi wa kamfaninku rajista. A Birtaniya, alal misali, doka ta wajabta wa kamfani sa sunansa na rajista, lambar rajista, inda aka yi rajistar da adireshin ofishin da aka yi rajista da shi a wasiƙunsa na kasuwanci, har da imel.

To, abin da nake so ka riƙe shi ne, ba kai kake zaɓar wanda zai karanta wannan bayani ba. Ka aika wa mutum ɗaya, shi ya tura wa akawunsa, akawun ya tura wa wani, kuma bayanin yana biye da wasiƙar duk inda ta shiga, yana kwance a akwatunan mutane shekara da shekaru. Ko da kai ka tsare naka akwatin, cikin waɗannan mutane wani zai yi sakaci a kutsa nasa.

Ga yadda na ga abin ya faru da wani ƙaramin kamfani da muke hulɗa da shi. Suna da lambar asusunsu a ƙasan kowace wasiƙa, da tambari, da hoton sa hannun manaja. Aka kutsa akwatin imel na ɗaya daga cikin masu sayen kayansu. Ɓarawon bai taɓa komai ba, karatu kawai yake yi, har ya ga an aiko da takardar neman biya. Sai ya yi rajistar adireshi mai kama da nasu, inda ya sa `rn` a gurbin `m`, wanda a allon waya da ƙyar ido ke bambancewa. Ya kwafe ƙasan wasiƙarsu ɗungurungum, tambari da sa hannu da launi, ya canza abu biyu kacal: lambar asusu da lambar waya. Ya rubuta cewa ana binciken tsohon asusun, a biya a wanda ke ƙasa. Mai biyan ma ya yi ƙoƙari, ya kira don ya tabbatar, amma lambar da ke cikin wasiƙar ya kira, ɓarawon ya ɗauka ya ce e, haka ne. Ba a farga ba sai da kamfanin ya bugo yana cigiyar kuɗinsa.

Ka lura, sanin lambar asusun kaɗai ba shi ya ba ɓarawo kuɗi ba. Illar ita ce kamfanin ya saba wa abokan cinikinsa ɗaukar lambar asusu daga ƙasan imel, wurin da kowa zai iya kwaikwaya cikin minti kaɗan. Irin wannan damfara ba ƙarama ba ce: hukumar FBI ta Amurka ta ce a 2023 kaɗai an kai mata ƙarar asarar sama da dala biliyan 2.9 ta wannan hanya. Saboda haka lambar asusu ta zauna a yarjejeniya ko a takardar biya da ke zuwa wa wanda zai biya shi kaɗai. Idan kana son sa wani abu game da banki a ƙasan imel, to layi ɗaya ne mai amfani: "Ba ma sanar da sauyin asusu ta imel, kafin biya a kira mu a lambar da aka sani." Ɓarawo zai goge layin a tasa wasiƙar, gaskiya ne, amma mai sayen da ya daɗe yana ganinsa zai tsaya ya yi tunani.

Hoton sa hannu kuwa, ba ya tabbatar da komai, tunda duk wanda ya karɓi wasiƙar zai iya adana shi ya manna a ƙasan wasiƙar izini ko rasit da ba ka san da su ba. Ka rubuta sunanka da haruffa kawai.

Lambar wayarka ta kanka ma ka bar ta, musamman idan ita ce banki ke turo wa lambobin sirri, ko ita ce ke kan WhatsApp ɗinka. Suna, matsayi da wannan lamba su ne kayan aikin mai son ya yaudari kamfanin waya ya karɓi sabon sim da sunanka, ko ya kira ka ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Layi na daban na aiki ya fi. Adireshin gida, ranar haihuwa, lambar katin shaida, shafukanka na zumunta na kanka, duk ba su da hurumi a nan. Haka sunaye da lambobin shugabanka da mai riƙe da kuɗi: kana zana wa ɗan damfara wanda zai yi shigarsa da wanda zai aika wa ke nan.

Wani abu da mutane ke so, ni kuma ba na so, shi ne mayar da bayanin gaba ɗaya hoto guda. Outlook kan toshe hotunan da ake jawowa daga waje har sai mai karatu ya ba da izini, sai ya ga farin akwati babu ko suna, kuma ba a iya kwafar lambar waya daga hoto. Tambari ƙarami ɗaya ya wadatar, sauran ya zama rubutu. Mahaɗi kuma ya nuna adireshinku na ainihi a fili. Gajerun mahaɗai irin na `bit.ly` da lambar QR suna ɓoye inda za su kai mutum, kuma idan ka saba wa mutane latsa su daga wurinka, ranar da na bogi ya zo ba za su yi shakka ba.

Doguwar sanarwar nan ta "wannan saƙo sirri ne" ba ta hana kowa karantawa ko turawa. Idan lauyanku ya ce a sa, a sa ta gajeriya.

In ka gama, aika wa kanka wasiƙa zuwa wani akwati daban, ka buɗe a waya da kwamfuta, ka latsa kowane mahaɗi ka ga inda ya kai ka. Ka kuma duba manhajar wayarka, don sau da yawa tana da nata bayanin daban da na kwamfuta, kuma can ne tsohuwar lambar mutum ta kansa kan maƙale ba tare da ya sani ba.