OR ɗina ya fito 3.5: yaya zan faɗa wa wanda bai san lissafi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, bincikena kan awon ciki ne da haihuwa a asibiti. Na yi lissafin lojistik, matan da suka je awo sau 4 ko fiye suka fito da odds ratio, wato OR, na 3.5, tazarar amincewa ta kashi 95 daga 2.1 zuwa 5.8, bayan na daidaita shekaru, ilimi da mazauni. A cikin waɗanda ba su kai awo 4 ba, kashi 30 ne suka haihu a asibiti. Malamina ya ce in rubuta cewa yiwuwar haihuwarsu a asibiti ta ninka sau uku da rabi. Jami'an lafiya na ƙaramar hukuma zan gabatar wa, kuma hankalina bai kwanta da jimlar ba. Ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Hankalinki ya yi gaskiya, kada ki rubuta jimlar nan. Gwada ta da alƙalumanki ki gani. Mata 30 cikin 100 suka haihu a asibiti a rukunin da ake kwatantawa da shi. Ninka 30 sau uku da rabi, me ya ba ki? Mata 105 cikin 100. Ina za a samo biyar ɗin nan na sama?

Matsalar ita ce OR ba yiwuwa yake ninkawa ba, ods yake ninkawa, kuma su biyun ba ɗaya ba ne. Yiwuwa tana auna waɗanda suka yi abu a cikin jama'a duka: 30 cikin 100. Shi kuwa ods yana ɗora waɗanda suka yi ne a kan waɗanda ba su yi ba: 30 a asibiti, 70 a gida, wato 30 a raba da 70, kusan 0.43. Wannan 0.43 shi za ki ninka da 3.5, ya ba ki 1.5. Ma'anar 1.5 ita ce duk mata 3 da suka haihu a asibiti akwai 2 da suka haihu a gida, wato 60 cikin 100. To kin gani, daga 30 aka tashi zuwa 60. Ninki biyu ke nan, ba uku da rabi ba. Sakamakonki mai ƙarfi ne a yadda yake, ba ya bukatar a ƙara masa gishiri.

Wannan kuskure kullum sai na gamu da shi, kuma ya ishe ni. Ɗalibi ya buɗe manhajar lissafi ta SPSS, ya ga lambar OR a ƙarƙashin `Exp(B)`, ya kwafe ta, ya liƙa mata "sau kaza ya fi yiwuwa". Mai duba aikinsa ya sa hannu domin shi ma haka ya rubuta a nasa kundin. A zo kare kundi, mutum biyar a zaune, a ɓata rabin awa ana gardama kan girman rubutu da faɗin gefen takarda, amma ba wanda zai ɗauki biro ya ninka 30 da 3.5. Daga nan jimlar ta shiga rahoto, ta shiga jawabin shugaban sashe, ta fita a rediyo. Wanda zai ware kuɗi yana jin "uku da rabi", sai ya sa ran abin da ba zai taɓa gani ba, in bai gani ba kuma ya ce shirin ne bai yi aiki ba. Ungozomar da ke fama a ƙaramin asibiti ita za a ɗora wa laifin kuskuren da aka yi a kan tebur.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ne. A 1999 mujallar New England Journal of Medicine ta buga binciken Schulman da abokan aikinsa kan yadda likitocin Amurka ke tura masu ciwon ƙirji gwajin jijiyoyin zuciya. An samu OR na 0.6 ga baƙar fata idan aka kwatanta da farare. Manyan kafafen labarai suka baza cewa yiwuwar a tura baƙar fata ta gaza ta farare da kashi 40 cikin 100. Ainihin alƙaluman kuwa kashi 84.7 ne ga baƙar fata da kashi 90.6 ga farare, wato ragin bai wuce kusan kashi 7 ba. A shekarar ne Schwartz, Woloshin da Welch suka rubuta a mujallar suna warware rikicin, amma labari ya riga ya gama gari.

Dalilin da ya sa kuskuren ya samu gindin zama shi ne wani lokaci ba ya yin ɓarna sosai. Idan abin da ake aunawa ba kasafai yake faruwa ba, ƙasa da kashi 10 misali, ods da yiwuwa suna kusa da juna. Da mata 2 cikin 100 ne a rukunin kwatancenki, OR na 3.5 zai kai su kusan 7 cikin 100, ninki 3.3, ba wani nisa. Amma abubuwan da ɗalibanmu suke bincika, haihuwa a gida, rigakafin yara, kwana cikin gidan sauro, ƙarancin jini ga mai ciki, duk abubuwa ne da suka yawaita. A nan ne OR yake yin nesa da gaskiyar da mai sauraro yake fahimta.

Lissafin da na yi miki da hannu shi ne dabarar da Zhang da Yu suka yaɗa a 1998, inda RR yake nufin ninkin yiwuwa, P0 kuma yiwuwa a rukunin kwatance:

```
RR = OR / (1 - P0 + P0 * OR)
RR = 3.5 / (1 - 0.30 + 0.30 * 3.5) = 2.0
```

Sai dai ki yi hattara, tunda OR ɗinki daidaitacce ne, wannan dabara kintace kawai za ta ba ki, kuma takan karkace. Abin da ya fi shi ne ki sa manhajar ta fitar miki da yiwuwar kowane rukuni daga lissafin kansa. A Stata layi biyu ne:

```
logistic asibiti i.awo4 shekaru i.ilimi i.mazauni
margins awo4
```

Zai ba ki kaso biyu, kowanne da tazararsa. Su za ki kai wa jami'an. Wannan yana yiwuwa ne domin kin ɗauki mata daga cikin al'umma kika tambaye su. Da a ce ke kika zaɓi adadin masu haihuwa a asibiti da na gida tun farko, to kashi 30 ɗin nan aikin hannunki ne, ba za a yi wannan juyi da shi ba.

A ce lambobin sun fito kamar yadda muka kintata, ga yadda zan faɗa a gaban jama'a: "A cikin kowace mata 100 da ba su kai awo 4 ba, kusan 30 ne suka haihu a asibiti. A cikin 100 da suka kai, masu irin shekarunsu da iliminsu da mazauninsu, kusan 60 ne. Ba duk matan yankin muka tambaya ba, saboda haka wannan 60 tana iya sauka zuwa wajen 47 ko ta hau zuwa wajen 71, amma ko a mafi ƙanƙanta ta wuce 30." Lura an ambaci su wa ake kwatantawa da su, an faɗi abin da aka daidaita, kuma ba a ce awo ne ya jawo ba. Matar da mijinta ya bar ta ta je awo sau 4, mai yiwuwa ita ce dai za a bari ta je haihuwa, kuma gidanta ya fi kusa da titi. Ki ce "sun fi haihuwa a asibiti", kada ki ce "awo ya sa".

A cikin kundin kuwa ki bar OR da tazararsa a jadawali, ki rubuta cewa ods ɗin haihuwa a asibiti ya ninka sau 3.5, ki biyo da jimlar kaso nan take. Malaminki kuma kada ki yi masa musu a gaban mutane. Ki same shi a ofis da takarda, ki ce, "Ranka ya daɗe, na ninka 30 da 3.5 sai na samu 105, a taimaka a nuna mini inda na kuskure."