Tabarau ba shi ne ya ƙara wa yarinyar ciwon ido ba

"Gwaggo, bara lambar tabaran Hafsa -1.00 ce, bana ta koma -1.75, shekararta tara. Manya sun saba cewa tabarau na kashe idon yaro, a cire masa ya saba da ganinsa. In cire mata ne?"

Ɗiyata, kada ki cire. Maganar nan ta daɗe a bakin mutane, kuma na san inda ta samo asali: ana sa wa yaro tabarau, shekara na zagayowa lamba ta hau, sai a ɗora wa gilashin laifi. Alhali ƙwayar idon ce ke ƙara tsawo daga gaba zuwa baya, sai hoton abin da ke nesa ya tsaya kafin ya kai bangon bayan ido, shi ya sa yaro ba ya ganin nesa da kyau. Ƙarin milimita ɗaya kawai na iya kawo kusan -2.50. Tsawon nan yana tafiya da girman jiki, ya fi sauri tsakanin shekara 7 zuwa 12, sai wajen ashirin yake lafawa. Da tabarau ko babu, zai ci gaba. An ma gwada rage wa yara ƙarfin gilashi da gangan, bai taimaka ba.

Abin da ya dame ni saurin hawan ne. In ta ci gaba da ƙara 0.75 duk shekara, tana 14 za ta kai -5.50, daga -6.00 kuwa haɗarin ɓallewar bangon bayan ido yana ƙaruwa sosai. In aka rage saurin da rabi, za ta tsaya wajen -3.50.

Ki koma wurin likitan ido, ki tambaye shi maganin ɗigawa na atropine mai rauni, kashi 0.01 zuwa 0.05 cikin ɗari, ɗigo ɗaya kowane dare. Akwai kuma gilashi na musamman da aka ƙera don rage saurin. Duka biyun ba sa mayar da ido yadda yake, jan birki kawai suke yi, kuma sai an jure shekaru ana awo duk wata shida. Kada ki sayo da kanki, domin mai kashi 1 cikin ɗari yana buɗe tsakiyar ido, haske ya dame ta, karatu ya gagara.

Sai hasken waje, awa biyu a rana, ko a inuwa ne. Ya fi ƙarfi wajen hana ciwon farawa, don haka ƙannenta ne za su fi amfana, amma ita ma ta fita. In tana karatu, littafi ya yi nisan kamu ɗaya da fuskarta, bayan minti 20 ta ɗaga kai ta kalli nesa. Duk ranar da kika ga tana ƙanƙance ido da tabaran a fuskarta, kada ki jira wata shida su cika.