Rasit ko shahada, tara ko diyya?

Tambaya: "Jama'a a taimaka. An ba ni sanarwar masu shaguna a kasuwar ƙaramar hukumarmu in mayar da ita Hausa. Na sa rasit, lasisi, kuɗin haya da tara. Oga ya soke su duka, ya ce wasu Turanci ne wasu Hausar tasha, ya sa shahada, izini, haraji da diyya. Wanne zan bi?"

Wayyo Malam, sannu. Wannan ciwon namu ne gaba ɗaya, duk mai aikin fassara a ofis ya san jan biron nan. Abin da ya fi cin rai shi ne mai sokewar yawanci bai buɗe takardar Turancin ba ma. Kunnensa kawai yake bi: wadda ta yi ƙamshin Larabci ita ce ta manya, wadda ta yi kama da Turanci ko maganar kasuwa ta yara ce. Ranar da sanarwa ta tayar da ƙura kuma, ba za a nemi mai jan biro ba, cewa za a yi wa ya fassara. Shi yana ofis a ƙarƙashin fanka, kai kana tsaye gaban shugabannin 'yan kasuwa kana bayanin kalmar da ba kai ka sa ba. Kuma ba zai taɓa cewa shi ya canza ba, wallahi ba zai ce ba. Don haka tun kafin a je ga kalmomi, ka ajiye kwafin daftarinka na farko da kwanan wata, ka ajiye wanda aka yi wa jan biro, ka haɗa su a fayil ɗaya.

Diyya ita ce mafi haɗari a cikin huɗun nan, da ita zan fara. Diyya kuɗi ne da ake ba wanda aka cuta ko aka yi wa asara. In gwamnati ta karɓi gonar mutum za ta yi hanya, ita ke biyansa diyya. In an yi kisa ko rauni, ana ba wanda aka raunata ko magada, kuma suna da ikon yafewa. Tara kuwa hukunci ne, mai laifi ke biya, hukuma ke karɓa, babu wani mai haƙƙi da za a je a roƙa ya yafe. Ka ga alkiblar kuɗin ma ta bambanta. In ka rubuta "wanda ya makara zai biya diyya", mai shago zai tambaya wa ya cuta, wani ma ya ɗauka abin sasantawa ne. Mafi muni, duk sanarwar da ta haɗa kalmar diyya da shaguna, kafin la'asar labari ya zaga cewa rusau za a yi, ana maganar biyan diyya. Tara ba Hausar tasha ba ce, ita alƙali ke faɗa a kotu. Illarta ɗaya, a rubuce tana kama da tara ta lissafi da tara ta tarawa, tunda ba ma sa alamar karin sauti. Maganinta kada ka bar ta tsirara: rubuta "za a ci shi tarar naira 2,000". Fi'ilin ci da wannan r ta ƙarshe sun kashe ruɗanin.

Haraji kuma, kalmar Larabci ce da ta zauna daram a Hausa, ba wanda zai ce baƙuwa ce. Matsalarta ba asali ba, ma'ana ce da tarihi. Kuɗin shagon da hukuma ta gina ta ba ka, haya ce: ka daina biya ka fita. Haraji ana ɗora shi ne a kan mutum ko dukiyarsa ko cinikinsa, ko yana shagon hukuma ko ba ya ciki. Su biyun ma ba layi ɗaya suke shiga a littafin kuɗin shiga ba. Sannan dattawan kasuwa ba su manta da haraji da jangali na zamanin En'e ba, ba su manta da yadda gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su bayan hawansu a 1979 ba. Ka rubuta haraji a inda ake nufin haya, ka ba 'yan adawa taken kamfe kyauta, a ce an dawo da haraji. Abin dariya, ita kanta haya daga Turanci aka aro ta, ta daɗe har ba mai jin baƙuncinta. Da oga ya sani da ita zai fara sokewa.

Shahada fa? Ka ce wa mai sayar da atamfa ya zo ya karɓi shahada, abu biyu zai ji: kalmar shahada, ko mutuwar shahada. Wanda ya yi makarantar Islamiyya ne zai ƙara na uku, takardar kammala karatu. Babu rasit a cikinsu. In ana son gudun Turanci dole, akwai "takardar shaidar biya", kuma shaida da shahada tushensu ɗaya a Larabci, sai dai shaida ta sauko kasuwa da kotu, shahada ta tsaya a masallaci da makaranta. Wannan ita ce hujjar da za ka kai wa oga, don ba ka raba shi da Larabcinsa ba. Ni dai rasit zan bari, saboda dalili ɗaya: abin da mutum zai buɗe baki ya nema ke nan a gaban kashiya. Duk abin da ake miƙawa ta taga, ko ake cikewa, ko aka buga sunansa a jikin takarda, kira shi da sunan da ake kiransa a bakin tagar. Fom, rasit, lasisi, rajista, fayil, lambar asusu. In ka sa masa suna mai kyau wanda ma'aikacin taga bai sani ba, talaka ne zai yi ta zarya.

Izini daidai take a wurinta, amma ba ta ɗauke nauyin lasisi. Sarkin kasuwa yana iya ba ka izini da baki. Lasisi takarda ce mai lamba, mai ranar ƙarewa, wadda ake sabuntawa kuma ake iya ƙwacewa. Ka ce "a sabunta izini", wani zai zo ya ce ai shi tun zamanin mahaifinsa aka ba su izini, kuma bai yi ƙarya ba. In ka ga dole a sasanta, a ambato na farko rubuta "lasisi, wato takardar izinin kasuwanci", daga nan har ƙasa lasisi kawai. Kada ka yi ta sauyawa don ado, nan lasisi, can izini, gaba takardar amincewa. A insha'i wannan gwaninta ce, a sanarwa mai karatu zai ƙirga takardu uku ya zo yana tambayar kuɗin kowacce.

Yadda za ka gane kalmar Turanci ta zama tamu ko har yanzu baƙuwa ce, gwada ta da jam'i da kuma mallaka. Ofis ta ba da ofisoshi da ofishin shugaba, har s ta koma sh kamar yadda take yi a kalmomin gida. Kotu ta ba da kotuna da kotun majistare, kuma mace ce, kotu ta yanke ake cewa. Banki bankuna, kwamiti kwamitoci, fom fama-famai. Irin waɗannan ba mai ikon korarsu. Wadda kuwa ba ta da jam'i, ba ta karɓar mallaka sai an jingina mata ɗin, kuma ba ka taɓa jin ta a bakin wanda bai yi boko ba, nemi madadinta. Rasit tana tsakiya: wasu na cewa rasit ɗin, wasu rasidin. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. In gardama ta yi tsawo, buɗe Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 a gabansa, ogogi sun fi jin maganar littafi a kan ta ƙaramin ma'aikaci, haka Allah ya yi su.

Ba ka tambaya ba, amma duba ko ya sa maka "haramun ne" a wani wuri, don masu wannan hannun ba sa wuce ta. "Haramun ne kasa kaya a bakin titi" fatawa ce, kuma ƙaramar hukuma ba ta ba da fatawa. Za a samu malamin da zai ce ina aya, ga kuma 'yan kasuwar da ba Musulmi ba waɗanda Hausa ce harshen cinikinsu. "An hana" ta isa, ko "doka ta hana". Wajibi ta fi sauƙi, rediyo ta riga ta saba wa mutane da ita, amma kalmar "dole" ta fi shiga kunne. Larabcin da ya zama na mulki kuwa kada ka taɓa shi: hukuma, majalisa, wa'adi, sharaɗi, ƙa'ida, hukunci, hatimi. Ba su da na biyu, kuma ba sa jan hankali zuwa fiƙihu. Wanda ake gudu shi ne wanda har yanzu gidansa na farko littafin fiƙihu ne, irin su kaffara, haddi, farilla, mustahabbi.

Haka batun muƙamai. Magatakarda kalma ce mai daɗi, amma in a ƙofar ofis sakatare ake cewa, sa sakatare. Ma'aji, akanta da kashiya mutum uku ne, kada ka haɗe su don kana son kalmar gida. In sanarwa ta ce a biya wurin ma'aji alhali kashiya ke karɓa, ko banki ake zuwa, ka buɗe ƙofar da wani zai karɓi kuɗin mutane a hannu. Baitulmali ma bar ta ga tarihi da jawabin biki, ba wanda zai iya zuwa baitulmali ya biya.

Ga yadda zan tsara jikin sanarwar, ka sa alkalumanku na gaskiya a madadin nawa:

"Ana sanar da duk masu shaguna a babbar kasuwa cewa dole ne kowa ya biya kuɗin hayar shagonsa na shekara, naira 12,000, kuma ya sabunta lasisinsa, wato takardar izinin kasuwanci, daga yau zuwa ranar 31 ga Maris. Za a biya ne a banki kawai, a asusun ƙaramar hukuma. Bayan an biya, a kawo takardar banki ofishin kuɗin shiga a karɓi rasit. An hana ba kowane ma'aikaci kuɗi a hannu. Wanda wa'adin ya wuce bai biya ba, za a ci shi tarar naira 2,000."

Lura ban ce "ƙarshen wata" ba. Rabin kasuwa da watan sama suke lissafi, sai ka ambaci Maris da lambar rana. Kuɗin ma ka sa shi da lamba, in za ka ƙara da kalmomi ka kula, dubu goma sha biyu daban, dubu goma da sha biyu daban, kalmar "da" guda ɗaya ce tsakaninsu. Sannan ka tsaya a kan mai buga takardar ya sa ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba ƙaramar hukuma ta koma karamar, mai son ɗaukaka ƙara ya koma ɗaukaka kara.

Kafin ka mayar wa oga, ɗauki daftari biyun, naka da nasa, ka karanta wa mutum uku da ba su ga Turancin ba, misali masinja, mai shayin bakin sakatariya da wata mai shago. Tambaya huɗu za ka yi musu: nawa za a biya, a ina, zuwa yaushe, me zai faru in ba a biya ba. Rubuta amsoshinsu a bayan kowane daftari yadda suka faɗa. Da wannan za ka shiga wurinsa, ka ce "Ranka ya daɗe, ga abin da mutane suka ji", ka ajiye masa a tebur. In duk da haka ya nace a kan diyya, roƙe shi ya sa hannu a kan gyaran.