Ranar girbi a gidan manomin tsohuwar Masar

“Jama'a, yaya manomin bakin Kogin Nilu yake wuni a zamanin Fir'auna?”

Malam, ya danganta da lokaci, amma ɗauki ranar girbi, wajen watan Afrilu. Da asuba maigida yana gona da laujensa na itace mai haƙoran dutsen ƙanƙara, yana yanke zangarniyar alkama da sha'ir, yara na binsa suna kala. Shanu ke tattake hatsin a masussuka.

Aikin uwargida ya fi ba ni tausayi. A durƙushe take niƙa bisa dutse, yashi na shiga garin, shi ya sa haƙoran gawarwakinsu da aka tono duk sun cinye. Abincin rana gurasa ce da albasa da giyar sha'ir mai kauri.

Tun kafin girbi magatakardan sarki sun auna gonar da igiya, sun yanka haraji. Wanda ya kasa biya, duka.